Yadda Ake Fara Aikin Odit: Abin da Mai Koyo Zai Yi a Shekararsa ta Farko

Idan ofishin odita ya ɗauke ka aiki bayan ka gama bautar ƙasa, ba za a nemi ra'ayinka a kan asusun kowane kamfani ba, domin wannan haƙƙin babban odita ne, wanda shi ne yake sa hannu a rahoto da sunansa da lambar rajistarsa ta FRC, hukumar da ke kula da rahoton kuɗi na kamfanoni a Nijeriya. A ƙarƙashinsa akwai manaja, a ƙarƙashin manaja akwai siniya mai jagorantar aiki a wurin kamfanin da ake bincika, sannan kai. Aikinka shi ne ka ga hujja da idonka, ka rubuta abin da ka gani ta yadda wanda bai je wurin ba zai karanta ya gane ba tare da ya kira ka ba. Na daɗe ina horar da masu koyo, kuma zan bi da kai ta cikin misali guda, wato kamfanin casar shinkafa da yake rufe shekararsa ranar 31 ga Disamba. Alƙaluman da zan kawo na misali ne, amma matakan su ne ainihin waɗanda za a ɗora maka.

Kayan aiki

Abu na farko shi ne kwamfutar hannu mai ɗauke da Excel, kuma ya fi kyau ta zama ta ofis, saboda bayanan kamfanin da kake bincika amana ce da ba a ajiye ta a kwamfutar da ƙannenka suke kallon fim da ita. Idan ofishinku ƙarami ne kuma bai ba ka ba, yi amfani da taka, amma ka sa mata kalmar sirri, ka kuma mayar da fayilolin ofis da zarar an gama aiki. Kana buƙatar kalkuleta ta daban, ba ta waya ba, domin akwai sito da ofisoshin kuɗi da ba a yarda a riƙa fito da waya a cikinsu. Ka riƙe littafin rubutu mai kauri guda ɗaya wanda za ka riƙa rubuta duk takardar da ka nema, da wanda ka nema a wurinsa, da ranar da ka nema. Sai biro mai launi, ja ko kore gwargwadon al'adar ofishinku, don alamomin dubawa. Ranar ƙirgar kaya kuma za ka so tocila, da alli, da abin rufe hanci, da takalmi mai rufe ƙafa.

Akwai takardu huɗu da ba a fara aiki sai da su: fayil ɗin odit na bara, da bayanin asusun bara wanda aka sa wa hannu, da tsarin aikin bana da manaja ya amince da shi, da jadawalin ragowar dukan asusai na kamfanin, wanda akantoci suke kira tirayal balans. Ka kuma nemi kwafin ƙa'idojin odit na duniya, wato ISA, waɗanda su ake bi a Nijeriya. Ba a ce ka haddace su ba. A shekarar farko huɗu sun ishe ka: ISA 230 kan rubuta aiki, ISA 500 kan hujja, ISA 501 kan ƙirgar kaya, da ISA 505 kan neman tabbaci daga waje.

Mataki na 1: Karanta fayil ɗin bara kafin ka taka ƙafa a kamfanin

Ka ware yini guda ka karanta fayil ɗin daga farko, kana neman amsar tambayoyi kaɗan. Me kamfanin yake sayarwa, kuma daga wa yake saye? Bankuna nawa yake hulɗa da su? Wane kuskure aka samu bara, kuma an gyara shi? Idan bara an rubuta cewa mai sito ba ya sa lambar jeri a takardun fitar da kaya, to ka san inda za ka fara sa ido bana.

A cikin tsarin aikin bana za ka ga wani adadi da ake kira ma'aunin girman kuskure, wato yawan kuɗin da idan kuskure ya kai shi zai iya sauya tunanin mai karanta asusun, kamar banki mai ba da bashi ko mai hannun jari. Ba kai ne za ka tsayar da shi ba, amma dole ka san shi. A misalinmu ribar kamfanin kafin haraji naira miliyan 240 ce, manaja ya ɗauki kashi 5 cikin ɗari, ma'aunin ya zama naira miliyan 12. Ya kuma ce duk kuskuren da bai kai naira 600,000 ba ƙarami ne da ba sai an shigar da shi jadawalin kurakurai ba. Mai koyon da bai san waɗannan adadi biyu ba yakan ɓata kwana biyu yana bin naira 4,000, alhali miliyoyi suna jiransa a wani shafin.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne kwafe aikin bara kai tsaye a sauya shekara kawai. Fayil ɗin bara jagora ne, amma idan kamfanin ya buɗe sabon sito ko ya fara sayarwa bashi, aikin bara ba zai rufe wannan ba. Idan kuwa wannan ce shekarar farko da ofishinku yake binciken kamfanin, babu fayil ɗin bara ke nan, sai ka roƙi siniya ya bar ka ka zagaya tare da ma'aikatan, ka bi ciniki guda tun daga lokacin da mai saye ya zo har zuwa shigar kuɗinsa banki, kana rubuta kowace takarda da kowane hannu da ta bi.

Mataki na 2: Tabbatar da cewa alƙaluman da aka ba ka sun haɗu

Kafin a duba ko adadi gaskiya ne, ana fara duba ko shi ne adadin da yake cikin littafin kamfanin. Ka tara ɓangaren zare da ɓangaren zubi, wato debit da kiredit, na tirayal balans da kanka, ka ga sun yi daidai, ko da akantan ya riga ya rubuta jimilla a ƙasa. Sannan ka gwada ragowar da aka buɗe shekara da ita da ragowar da ke cikin asusun bara mai sa hannu, layi bayan layi. Sau da yawa za ka tarar gyare-gyaren da odita ya ba da bara ba a taɓa shigar da su littafi ba, kuma idan ba ka gano haka da wuri ba, duk abin da ka gina a kai zai karkace.

Idan jimilla ta ƙi haɗuwa, akwai dabaru biyu na tsofaffin akantoci. Idan bambancin ya rabu da tara babu saura, mai yiwuwa an juya lambobi ne, kamar a rubuta 45,000 a maimakon 54,000, inda bambancin yake 9,000. Idan ba haka ba, raba bambancin biyu ka nemi wannan adadin, domin kuɗin da aka shigar a ɓangaren da ba nasa ba yakan haifar da bambanci ninki biyu. A Excel waɗannan layuka biyu na ƙasa za su yi maka aiki kullum, na farko don tara duk shigarwar asusu guda, a nan mai lamba 4010, na biyu don gwada ko bambancin da ke akwatin F2 ya rabu da tara, inda sifili yake nufin babu saura:

```
=SUMIF(A:A,"4010",D:D)
=MOD(F2,9)
```

Ka lura cewa alƙaluman da aka fitar daga manhajar lissafin kamfani wani lokaci sukan zo a matsayin rubutu, ba lamba ba, sai Excel ya tsallake su wajen tarawa ba tare da ya sanar da kai ba. Alamar ita ce lambar takan jingina a hagun akwati a maimakon dama.

Mataki na 3: Asusun banki

Kusan kowane mai koyo da banki ake fara ba shi, saboda hujjarsa daga waje take zuwa. Aikin kashi biyu ne. Na farko shi ne wasiƙar neman tabbaci, wadda kamfanin yake sa wa hannu don ba bankin izini, amma ofishinku ne yake aika ta, kuma amsar ofishinku take dawowa kai tsaye. Idan akanta ya ce maka, “Kawo in kai musu, ai na san manajan reshen,” ka yi masa godiya ka ƙi, domin amsar da ta bi ta hannun wanda ake bincika ta rasa ƙarfinta. A aika wa kowane banki, har da wanda aka ce an rufe asusunsa a cikin shekarar, kuma a tambayi bashi da jingina, ba ragowar kuɗi kaɗai ba. Bankuna sukan yi jinkirin amsa, don haka a aika tun makon farko na Janairu, a riƙa bibiya. Idan amsa ba ta zo ba, abin da ya fi kusa shi ne ka zauna kusa da akanta ya shiga shafin bankin a gabanka ya sauke bayanin asusun kana kallo, ka rubuta cewa haka aka yi, sannan siniya ya yanke ko hakan ya wadatar.

Kashi na biyu shi ne takardar daidaita littafin kuɗi da bayanin banki, wadda akantan kamfani yake shiryawa, kai kuma ka gwada ta. A misalinmu littafin kuɗi ya nuna naira 48,350,000 ranar 31 ga Disamba, banki kuma ya nuna naira 52,910,000. Akanta ya bayyana bambancin da abubuwa uku: cak uku da aka rubuta ba a kai su banki ba, jimillarsu naira 6,200,000, kuɗin da aka ce an zuba amma banki bai nuna ba tukuna, naira 1,500,000, da cajin banki na naira 140,000 da ba a shigar littafi ba. Idan ka cire cajin daga littafi za ka sami naira 48,210,000, idan kuma ka cire cak ɗin daga adadin banki ka ƙara kuɗin da aka zuba, za ka sami wannan adadin dai. Lissafi ya haɗu, kuma a nan ne masu koyo da yawa suke sa alama su wuce, alhali aikin bai ma fara ba.

Abin da ya rage shi ne ka karɓi bayanin banki na Janairu da Fabrairu ka bi kowane abu ɗaya bayan ɗaya. Cak na naira 2,500,000 ya fita ranar 4 ga Janairu, na naira 1,900,000 ya fita ranar 9, waɗannan babu matsala. Na ukun, naira 1,800,000, bai fita ba, kuma da ka duba guntun da ya rage a littafin cak sai ka ga tun watan Mayu aka rubuta shi. Cak ɗin da ya wuce wata shida banki ba ya biyan sa, saboda haka dole a mayar da kuɗin cikin littafi, a kuma mayar da bashin da mai cak ɗin yake bin kamfanin. Kuɗin da aka ce an zuba kuwa bai bayyana ba sai ranar 27 ga Janairu, kuma hatimin da ke kan takardar zubawar na wannan ranar ne. Kuɗin da aka kai banki ranar ƙarshen shekara yakan fito cikin kwana ɗaya ko biyu na aiki, ba mako huɗu ba. Ko dai an shigar da shi littafi kafin a karɓe shi don a ƙawata asusu, ko kuma wani ya karɓa ya juya shi na ɗan lokaci.

Ba aikinka ba ne ka yanke wanne ne a ciki, kuma kada ka kuskura ka furta kalmar sata a ofishin mutane. Ka ɗauki kwafin takardun, ka rubuta ranakun, ka kai wa siniya a ranar. Kada kuma ka ce ai naira 1,500,000 ba ta kai miliyan 12 ba, domin abin da yake da ƙamshin almundahana ba a auna shi da girman kuɗi kaɗai. Cajin naira 140,000 ne ya faɗa ƙarƙashin ƙananan kurakurai, shi sai a gaya wa akanta ya shigar.

Mataki na 4: Bin bauca da rasit

Za a ba ka jerin shigarwa, a ce arba'in daga asusun kashe kuɗi, ka nemo takardunsu. Kai ne ko siniya za ku zaɓi samfurin, ba akanta ba, domin wanda aka ce ya zaɓo da kansa masu kyau zai kawo. A kowace bauca, wato takardar amincewa da biyan kuɗi, ka duba sunan da ke kan rasit ko na kamfanin ne ko na mai kamfanin, ka duba ranar ko ta faɗa cikin shekarar, ka duba adadin, da wanda ya amince da biyan, da asusun da aka shigar da shi. A kamfanonin iyali za ka riƙa cin karo da kuɗin makarantar yara ko gyaran motar gida a cikin kuɗin gudanar da kamfani, kuma sau da yawa ba da mugun nufi aka yi ba, sai don mai kamfanin bai raba aljihunsa da na kamfani ba. Sabon janareta da aka shigar a matsayin gyara shi ma kuskure ne, domin kadara ce.

Akwai wata ƙa'ida a nan da nake so ka riƙe da kyau, wato inda ka fara shi ne yake nuna abin da ka tabbatar. Idan ka tashi daga littafi zuwa takarda, ka tabbatar da cewa abin da aka rubuta ya faru. Idan kana son sanin ko an bar wani abu ba a rubuta ba, sai ka tashi daga takarda zuwa littafi, misali ka ɗauki takardun karɓar kaya na sito ka nemi kowacce a asusun saye. Bashin da kamfani ya ɓoye ba za a taɓa ganin sa ta hanyar karanta littafinsa ba, tun da ba ya ciki.

Idan ba a sami takarda ba, kada ka sauya ta da wata don jerinka ya cika. Rubuta cewa ba a samu ba, sannan ka nemi wata hujjar, kamar fitar kuɗin a bayanin banki zuwa sunan mai kayan da kuma takardar shigar kayan sito.

Mataki na 5: Ƙirgar kaya a sito

Wannan ita ce ranar da za a iya tura ka kai kaɗai tun kana sabo, saboda kamfanoni da yawa suna ƙirga a rana guda kuma ma'aikatan ofis ba sa isa. Ita ce kuma aikin da ba ya maimaituwa: idan ka yi sakaci ranar 31 ga Disamba, babu yadda za a dawo da sito yadda yake a watan Maris. Ma'aikatan kamfanin ne suke ƙirgar, kai kana lura da yadda suke yi, kana kuma gwada wasu da kanka.

Da isarka, kafin a taɓa buhu ko ɗaya, ka nemi littafin takardun karɓar kaya da na fitar da kaya, wato webil, ka rubuta lambar ta ƙarshe da aka yi amfani da ita a kowanne, ka ɗauki hoton ta da ta gaba da ita wadda ba a cike ba. A misalinmu webil na ƙarshe shi ne mai lamba 0417. Ka roƙa a dakatar da lodi da sauke kaya har a gama, idan kuma ba zai yiwu ba, a ware wuri guda na kayan da suke shigowa a rubuta su daban.

Gwajinka ya tafi ta fuska biyu, kamar yadda na faɗa a kan bauca. Ka zaɓi wasu layuka daga takardar ƙirga ka je ka same su a ƙasa, sannan ka zaɓi wasu tarin kaya a ƙasa ka neme su a takarda. Buhunan shinkafa masu kilo 50 ana jera su ne tsibi-tsibi, kuma ana lissafa tsibi da tsawo da faɗi da hawa. Tsibi mai buhu 12 a tsawo, 10 a faɗi, hawa 20, ya kama buhu 2,400, amma wannan lissafin yana aiki ne kawai idan cikinsa cike yake. Na taɓa karɓar irin wannan adadi daga ƙasa a shekarata ta farko, sai siniyata ta sa aka kawo tsani ta ce in hau. A sama na tarar an zare buhu huɗu a tsawo, uku a faɗi, zurfin hawa biyar daga tsakiya, wato buhu 60 babu su, kuma daga ƙasa ba a ganin komai. Tun daga ranar ban sake amincewa da tsibin da ban hau ba. Ka sa a ɗora wasu buhuna a sikeli, a kuma buɗe ɗaya ko biyu daga ciki, ka sa alli a kan duk tsibin da aka gama don kada a ƙirga shi sau biyu.

Ka tambayi mai sito ko akwai kayan da ba na kamfanin ba. A masana'antar casa wannan tambaya tana da nauyi, domin 'yan kasuwa sukan kawo shanshera a casa musu a biya lada, kuma shinkafarsu tana zaune a sito ɗaya da ta kamfani. Haka nan ka rubuta buhunan da ruwa ya taɓa ko ƙwari suka ci, saboda ƙa'idar IAS 2 ta ce ana kimanta kaya da kuɗin da aka kashe a kansu ko abin da za a samu idan an sayar, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Kafin ka tafi, ka karɓi kwafin dukan takardun ƙirga da sa hannun masu ƙirgar, ka ja layi a kan guraben da ba a cike ba.

Mai yiwuwa da za ka tafi a ce an sa maka buhu a bayan mota, ko a miƙo maka ambulan a ce na mai ne. A al'adarmu mayar da kyauta abu ne mai nauyi, musamman daga hannun dattijo, amma odita da ya karɓi buhu daga siton da ya ƙirga ya zubar da shaidarsa. Abin da nake koya wa yarana su faɗa shi ne, “Ranka ya daɗe, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara arziki, amma dokar ofishinmu ta hana, kuma aikina ne zai tafi.” Sannan ka sanar da siniya cewa an yi tayin.

Mataki na 6: Iyakar shekara

Lambar webil da ka rubuta za ta yi amfani a watan Fabrairu, lokacin da za ka ɗauki cinikin kwanakin ƙarshe na Disamba da na farkon Janairu ka gwada kowanne da ranar da kayan suka fita. A misalinmu ka ga takardar cinikin buhu 150 a kan naira 60,000 kowanne, jimilla naira 9,000,000, mai ɗauke da ranar 30 ga Disamba, amma webil ɗinta mai lamba 0423 ne, na ranar 5 ga Janairu. Tun da 0417 ne na ƙarshe a ranar ƙirga, buhunan suna cikin sito a lokacin, an kuma ƙirga su. Ke nan kamfanin ya lissafa su sau biyu, sau ɗaya a matsayin ciniki, sau ɗaya a matsayin kayan da suka rage, kuma ribar shekarar ta kumbura da naira miliyan 9 cif. Wannan shi kaɗai ya kai kashi uku cikin huɗu na ma'aunin da manaja ya tsayar, don haka siniya zai ce ka faɗaɗa gwajin zuwa ƙarin kwanaki. Littafin mai gadin ƙofa, inda ake rubuta lambar mota da lokacin fitarta, yakan zama hujja mai kyau idan aka yi gardama a kan ranar webil.

Mataki na 7: Rubuta takardar aiki da amsa gyaran manya

Ƙa'idar ISA 230 ta sa ma'auni guda: gogaggen odita da bai taɓa sanin aikin ba ya iya karanta takardarka ya gane abin da aka yi, da abin da aka samu, da dalilin hukuncin da aka yanke. Saboda haka kowace takarda ta ɗauki sunan kamfani, da ƙarshen shekara, da sunanka da rana, da manufar gwajin, da inda ka samo bayanin, da yadda aka zaɓi samfuri, da sakamako. Kowace alamar biro a bayyana ma'anarta a ƙasan shafi. “An duba, daidai ne” ba rubutu ba ne. Rubutu shi ne a ce an ga cak mai lamba kaza na naira 2,500,000 ya fita a bayanin banki ranar 4 ga Janairu. Abin da akanta ya faɗa maka da baki ka rubuta shi da sunan muƙaminsa da rana, amma ka sani magana ita ce mafi raunin hujja, sai an tallafe ta da takarda.

Laifin da ba a yafewa a wannan sana'a shi ne sa alama a kan takardar da ba ka gani ba. Yakan faru da dare, ana saura layi shida, siniya yana jira. Gara ka ce ba ka gama ba. Fayil ɗin zai zauna a ajiye aƙalla shekara biyar da sunanka a kan wannan alama.

Siniya da manaja za su dawo maka da jerin gyare-gyare, wani lokaci ya fi aikin tsawo. Ka gyara a cikin takardar aikin kanta, ba a gefen tambayar kaɗai ba, kuma ka riƙe jerin gyaran da aka yi maka don kada a maimaita maka abu ɗaya a kamfani na gaba. Idan ka maƙale, ka yi ƙoƙari na kamar rabin awa, sannan ka je da tambaya tare da abin da ka riga ka gwada.

Mataki na 8: Abin da za ka gina a tsawon shekarar

Daga Janairu zuwa ƙarshen Yuni aiki yakan yi tsanani, domin kamfanonin da ke kasuwar hannun jari suna miƙa asusunsu cikin wata uku, sauran kuma suna da wata shida su miƙa takardun haraji. A wannan lokaci ƙwarewar da ta fi kowacce amfani ita ce shigarwa biyu ta lissafi: duk kuskuren da ka gano, ka iya faɗin asusun da za a zare da wanda za a zuba don gyara shi. Bayan ta sai iya tambaya. Akantan da za ka zauna da shi wataƙila ya yi sa'ar mahaifinka, kuma yana da nasa aikin. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka tara buƙatunka a takarda guda a maimakon ka riƙa leƙa shi kowane minti goma, kuma ka ce, “Malam, a taimaka a nuna mini yadda aka samo wannan adadin,” ba “Me ya sa wannan bai yi daidai ba?” Ladabi ba ya hana ka neman takardar bayan ya gama bayani. Abin da ka gani a asusun mutane kuma, ko albashin wani ne ko bashin mai kamfani, ba ya zuwa majalisa ko gida.

Daga Yuli aiki yakan lafa, kuma lokacin karatu ke nan. Cibiyar ƙwararrun akantoci ta ICAN, wadda aka kafa da doka a 1965, tana da matakan jarrabawa uku, kuma wanda ya karanta akanta a jami'a ko kwalejin fasaha da ta amince da su yakan sami sassaucin wasu darussa, don haka ka nemi wannan sassauci tun watannin farko, domin tattaro takardun makaranta yana cin lokaci. Zaman Mayu yana faɗawa tsakiyar aiki, shi ya sa nake ba masu koyo shawara su ɗauki darussa kaɗan a lokacin, su sa ƙarfinsu a zaman Nuwamba. Wanda ya zaɓi hanyar ƙungiyar akantoci ta ANAN zai bi ta kwalejinta da ke Kwall kusa da Jos. Ko wacce ka bi, ka buɗe rajistar horo tun makon farko, kana rubuta irin kamfanin, da sashen da ka yi, da kwanakin da ka ɗauka, manaja yana sa hannu duk wata uku, domin za a nemi shaidar horonka a gaba kuma manajan da ya san aikinka yana iya barin ofishin. Kafin Disamba ta zagayo, ka roƙi a ba ka sashen da ba ka taɓa yi ba a binciken tsakiyar shekara, kamar albashi ko kadarori ko masu bin kamfani bashi, saboda a Janairu mai zuwa banki da bauca za su koma hannun sabon mai koyo, kuma kai za a ce ka fara duba aikinsa kafin ya kai wa siniya.